Tambuar Neman Aure

Litinin, da hantsi

Litia ta ce in daina yi wa kaji magana in nemi abin yi. To na nema. Wannan littafin nata ne, wanda take rubuta waƙoƙin zumuntar mata a ciki, na juya shi ta baya. Ban yi makaranta ba, ita ta koya mini baƙaƙe shekarar da muka yi aure, saboda haka duk wanda ya ga rubutuna ya karkace sai ya je ya tambaye ta.

An sanar jiya a majami'a cewa an yi wa fastonmu, Talatala Isikeli, canjin wuri. Jirgin da zai zo ɗaukar busasshiyar kwakwa shi zai tafi da shi wani tsibiri. Mata har da kuka. Ni ban yi ba. Mutumin da ya zo daga tsibiran Lau ya sa aka sare bishiyar da nake ɗaure kwalekwalena don a faɗaɗa farfajiya, bai tambaye ni ba.

Da muka dawo gida Litia ta ce, "Waisake, ba ka gode masa ba har yau."

Na ce na san abin da ban yi ba.

Talata, da sassafe

Na je bakin teku. Babu komai.

Talata, da yamma

Bari in rubuta abin da Talatala ya faɗa, tun da shi ake so in yi godiya a kai.

Ranar da aka ce kwalekwalen nema su daina fita, gari duka ya taru a kan yashi. Ni ban kira kowa ba. Su biyu suka fita bayan duwatsun murjani, ɗana Jolame da Inoke ɗan ƙanena Apenisa. Kwalekwalen na Apenisa ne, injin na Apenisa ne, kuma ɗan Apenisa ne aka tsinto. Nawa bai dawo ba tukuna. Iyakar abin da zan rubuta ke nan.

Tun ranar mutane suka daina kira na Baban Jolame. Sai "tsoho", sai "baba", kamar sunan zai ƙona musu baki. Shi kuwa Talatala ya tsaya ruwa na taɓa masa ƙafa, ya dube ni a gaban kowa ya ce, "Baban Jolame, na zo ne daga gonarka."

Na ce a raina, me ya kai ka gonata.

Ya ce ya ga kunyoyin doya, ƙasa ta rufe komai, shi baƙo bai ga ko ɗaya ba. Amma ya san in aka kai ni can ido a rufe zan sa ƙafa in ce ga babba nan, ga wadda ta lanƙwashe saboda dutse, ga wadda ba ta isa tono ba. Ya ce, "Kai mutum ne, ka san abin da ke ƙarƙashin ƙasarka. Wannan ruwan gonar Ubangiji ne. Mu ne ba ma gani. Shi bai ɓatar da kowa a ciki ba, ya san inda ɗanka yake kamar yadda ka san doyarka."

Sannan ya matso ya nemi gafara, don ba a taɓa kan mutum, balle na dattijo. Ya ɗora mini hannu a ka ya sa albarka. Tun rasuwar mahaifiyata babu wanda ya taɓa mini kai.

Na tashi na bar wurin ban ce wa kowa komai ba. Amma ranar na ci rogo, na yi barci. Kafin nan ba na ci, ba na barci, ina ganinsa kullum yana juyawa cikin duhu ba wanda ya san inda yake. Daga ranar na daina ganin haka.

Laraba, da azahar

Na haƙo gwaza mafi girma a fadamata, na ɗaure shi da kyau da ganyensa, na kai bayan madafar gidan Talatala na ajiye tun ba kowa. To na gode ke nan. Magana ta ƙare.

Alhamis, da hantsi

Kai, wannan gari!

Ashe makon nan gidan Apenisa ne ke da layin kai wa Talatala abinci. Matar Talatala ta ga gwaza a ƙofa, ta ɗauka nasu ne, ta tafi takanas ta yi wa matar Apenisa godiya, har tana cewa ba ta taɓa ganin gwaza irinsa ba. Ita kuma ta amsa godiyar! Apenisa da bai taɓa noma gwazan da ya wuce dunƙulen hannu ba.

Litia ta yi dariya har ta riƙe ciki. Rabon da in ji dariyarta tun kafin ranar. Sai na ƙyale ta.

Da ta gama ta goge ido ta ce, "Gwaza ba shi da baki, tsoho. Abincin da aka ajiye a bayan madafa abincin layi ne. Godiya ta ƙofa take shiga, a zaune, da saiwar yangona da ake damawa a sha a gaba, mutane na ji."

Na ce, "Allah ya ji."

Ta ce, "Allah ba shi zai hau jirgi ba."

Jumma'a, da yamma

Na haɗu da Talatala a hanyar rijiya. Na sauke adda daga kafaɗa, na cire hula, na buɗe baki. Abin da ya fito shi ne, "Talatala, yaran da ke buga gangar majami'a suna buga ta kamar masu korar alade."

Ya ce zai yi musu magana. Ya tsaya kamar yana jiran saura. Ya kasa kallon idona, ni ma haka. Ya ce a gaida Litia.

Asabar, da sassafe

Bakin teku. Iska daga kudu.

Lahadi, bayan sujada

Na zauna a wurina na kullum, gefen taga. Apenisa ya zauna a nasa. Tsakaninmu tabarma ɗaya ce, kuma shekara da shekaru ke nan, tun da aladensa ya shiga mini gona ya ce shingena ne ruɓaɓɓe. Shingena ba ruɓaɓɓe ba ne. Inoke bai shigo ba, yana waje jikin bango. Ya rame. In ya hango ni sai ya canza hanya. Ya kyauta.

Bayan mun ci abinci Litia ta jawo akwatin katako daga ƙarƙashin gado ta zauna kusa da shi ba ta buɗe ba. Na san abin da take nufi. Tambua na ciki, haƙorin babban kifin nan na tsakiyar teku, da igiyarsa ta zaren kwakwa. Ta mahaifina ce. Ita kaɗai muke da ita. Duk shekara ina shafa mata man kwakwa har ta yi ja kamar shayi. An yi rasuwa, an yi biki, an zo aro, na hana. Na ajiye ta don ranar da za mu je nema wa Jolame aure. Ya daɗe yana ja mana rai, sai bana ya faɗa wa uwarsa sunan wata yarinya a ƙauyen da ke bayan tudu.

Na ce, "Mayar da akwatin nan."

Ta ce, "Mutumin nan ya mayar maka da barci, ya mayar maka da ci. Saiwar yangona kaɗai ta yi kaɗan."

Na ce, "In na ba da ita, da me za mu je neman auren?"

Ta ɗora hannunta a kan gwiwata. Mun daɗe a haka.

Litinin, da azahar

Ba zan bayar ba.

Talata, da hantsi

An taɓa tsintar wasu mutane bayan wata da watanni, can wajen wata ƙasa, sun rayu da ruwan sama da ɗanyen kifi. Kowa ya san haka. Na faɗa wa Litia. Ta ce ta sani.

Abin da ke damuna ke nan. In na shiga gidan mutumin nan na durƙusa na gode masa, na yarda ke nan cewa abin da ya yi a bakin teku jana'iza ce. Ni ban kira ta jana'iza ba. Amma barcin da na samu a wurin na same shi. Ba zan ci abincin mutum in ce ban san hannun da ya dafa ba.

Laraba, da yamma

An ji a rediyon shago cewa jirgi ya taso daga Suva, babban birni, yana bin tsibirai. In teku ta yi kyau ƙarshen mako yana nan. Matar Talatala ta fara ɗaure tabarmi.

Litia ta kawo wata sabuwa. Wai ko da na yarda, ba ni zan yi magana ba. A gidanmu tun kakanni babba yana zaune ne, ƙane shi ke riƙe igiya ya yi jawabi a madadin gida. Apenisa ne bakinmu. Kuma gaskiya ya iya, wannan ba zan hana shi ba, in ya miƙa tambua har tsofaffi suna gyaɗa kai. Ni kuwa in zuciyata ta cika harshena sarƙewa yake yi.

Na ce, "Ina da bakina."

Ta ce, "Mun ji shi a hanyar rijiya."

Wa ya faɗa mata? Wannan gari ba a tari a ɓoye.

Alhamis, da sassafe

Ban je bakin teku ba yau. Na je gona. Na tsaya a kan kunyoyi na rufe ido don in gwada maganar mutumin nan. Na sa ƙafa na ce babba na nan. Na tona kaɗan da yatsa. Tana nan.

Na mayar da ƙasa na zauna. Ba wanda ya gan ni, saboda haka ba sai na rubuta abin da na yi ba.

Alhamis, da la'asar

Na buɗe akwatin da kaina. Na shafa mata mai. Igiyar ta ɗan saki a gefe ɗaya, na ɗaure.

Na tuge yangonar da ta fi daɗewa a bayan gida, na wanke saiwar, na ɗaure ta. Na aika a faɗa wa wakilin majami'a, Tevita, cewa gobe da la'asar zan shigo wurin Talatala, don ba a faɗa wa mutum da tambua kamar mai neman wuta. Dole a shimfiɗa tabarma, dole a sami wanda zai karɓa masa.

Ban aika wa Apenisa ba. Ni ba na roƙo.

Litia ta fita da kwano a rufe, ta ce za ta kai wa wata maras lafiya miya. Na ga hanyar da ta bi. Ba maras lafiya a wannan hanyar.

Asabar, da hantsi

Jiya ban iya rubutu ba. Yau zan rubuta duka, ko da fensirin zai ƙare.

Na ɗaura zanena na Lahadi, na sa farar riga. Litia ta sa baƙaƙen kayanta na makoki. Na riƙe tambua a naɗe cikin ƙyalle, ita ta ɗauki saiwar. Da muka kai farfajiya sai ga Apenisa zaune a kan dutse, shi ma da zanen Lahadi, da tasa saiwar a cinya. Bayansa mutanen gidanmu, maza da mata.

Ya ce, "Yaya."

Na ce, "Wa ya kira ka?"

Ya ce, "Iska nake sha."

Na ce, "Da farar riga?"

Ya ce, "Ita ce wankakkiya."

Na wuce. Suka biyo ni.

Muka tuɓe takalma muka shiga a sunkuye ta ƙofar baƙi, muka zauna a ƙasan ɗaki, ƙafa a naɗe. Talatala na zaune can sama, Tevita a gefensa, akwatuna a ɗaure jikin bango. Aka fara miƙa yangona don a san mun shigo da ladabi. Apenisa ya yi wannan, gajere, na ƙyale shi. Tevita ya karɓa, aka tafa.

Sai na matsa gaba a kan gwiwa. Na tafa hannu a dunƙule yadda ake yi, na warware ƙyallen, na riƙe haƙorin a hannu ɗaya, igiyar a ɗayan. Na ga Talatala ya dubi tambuar, ya dubi Litia. Duk garin nan an san don me aka ajiye ta.

Na fara daidai. Na ambaci gidansa da ƙasarsa ta Lau da aikin da yake riƙe da shi. Na ce abin da ke hannuna ɗan ƙarami ne, bai kai a kalla ba, a yi haƙuri da ƙanƙantarsa da daɗewar da ya yi bai zo ba. Na ce, "Na zo in gode saboda maganar da ka yi a bakin teku, da hannun da ka ɗora mini, ranar da..."

Shi ke nan. Harshe ya tsaya. Na sake cewa "ranar da". Ina durƙushe da haƙori a sama kamar wawa. Wanda ya ɗaga tambua ba ya ajiye ta ƙasa magana ba ta ƙare ba, kuma ba ya komawa da ita.

Na ji gwiwa na jan tabarma a bayana. Apenisa ya zo daf da ni. Bai karɓe ba. Ya kama ƙarshen igiyar kawai, ya bar mini haƙorin, ya yi ƙasa da murya ya ce, "Yaya, in ci gaba?"

Na gyaɗa kai.

Ya ce, "Ranar da muka ba Ubangiji ɗanmu Jolame." Muryarsa ta fashe a kan sunan, shi da bai taɓa tuntuɓe a jawabi ba. Ya ce yayansa ba ya ci ba ya barci, gida duka ya rasa abin faɗa, shi kansa ya kasa taka ƙofar yayansa don kunya. Ya ce Talatala ya zo da magana daidai bakin manomi, ya sa tsoho ya ci abinci. Ya ce wannan tambua an ajiye ta ne don a je a roƙo wa Jolame wurin zama a gidan mutane, to an riga an ba shi wurin zama, saboda haka ta tafi ga wanda ya kawo mana labarin. Ya roƙa wa Talatala teku mai laushi da mutane masu jin magana a inda za shi. Ya rufe yadda ake rufewa, mutanenmu suka amsa, aka tafa.

A ƙa'ida Tevita ne zai karɓa. Har ya miƙo hannu, sai Talatala ya taɓa masa kafaɗa, ya sauko da kansa a kan gwiwa har inda nake. Ya tafa, ya karɓa da hannu biyu, ya kai ta hanci ya sumbace ta. Ya daɗe bai ɗago ba.

Ya ce, "Na karɓa, da hannu biyu na karɓa." Ya yi jawabin karɓa, ya sa wa gidanmu albarka. Sannan ya bar muryar jawabi ya koma tasa. Ya ce, "Baban Jolame, tun ranar nan ban sami sukuni ba. Ban taɓa yin wa'azi a inda babu kabari ba. Da ka tashi ka tafi ba ka ce komai ba, na ɗauka na binne maka ɗa ba da izininka ba, na kuma taɓa maka kai a gaban jama'a. Na yi ta neman yadda zan zo in ba ka haƙuri. Har na ɗaure kaya ina cewa da wannan nauyin zan hau jirgi."

Ban taɓa tunanin haka ba. Ina can ina fama da bakina, ashe shiruna na cin wani.

Na ce, "Ba ka yi laifi ba, Talatala. Sai dai bishiyar nan."

Ɗaki ya fashe da dariya, har masu kuka. Ya ce, "Bishiyar kam na yi laifi." Matarsa daga bayansa ta ce, "Kuma gwazan nan na gane mai shi daga baya." Matar Apenisa ta sunkuyar da kai. Ya isa haka.

Ya yi addu'a yana riƙe da tambuar a ƙirji. Ya ce ba zai sa ta a akwati ba, ita zai miƙa wa dattawan sabon wurin ranar da ya sauka, ya faɗa musu daga gidan da ta fito.

Aka dama yangona. Samari ne ke miƙa ƙoƙo. Aka ba Talatala, aka ba Tevita. Da aka zo kaina na ɗaga ido, sai ga Inoke a durƙushe, ƙoƙo a hannu biyu, kansa a ƙasa. Ban san wanda ya sa shi ba. In ban tafa ba, haka zai zauna, kuma kowa zai gani.

Na ga tabon igiya a tafin hannunsa, bai gama warkewa ba. An ce ya riƙe ɗan'uwansa har igiyar ta yanke shi. An faɗa mini tun a lokacin. Ban so ji ba.

Na tafa. Na karɓa na shanye. Na ce, "Ka rame, ɗana. Ka zo gida gobe uwarka Litia ta ba ka abinci."

Ubansa ya kama shi ya tashe shi.

Lahadi, da yamma

Wa'azinsa na ƙarshe. Ya yi tsawo. Na faɗa masa.

Inoke ya zo. Ya ci kaɗan. Ya zauna a bakin ƙofa, Litia ta ce ya matso ciki. Ya ce in ina so zai ba ni labarin yadda abin ya faru. Na ce ba yau ba, amma ina so.

Litinin, da azahar

Jirgi ya zo da safe. Gari duka ya raka su, mata na waƙa, ruwa har gwiwa. Ni da Apenisa muka ɗauki akwatin littattafansa zuwa ƙaramin kwalekwale, yana ta cewa in ɗaga ɓangarena, alhali nasa ne a ƙasa. Talatala ya riƙe hannuna ya ce in riƙa zuwa sujada ko da sabon bai iya wa'azi ba. Na ce sai na ji shi tukuna.

Muka tsaya har jirgin ya fita ta mashigar duwatsu. Ta nan su Jolame suka bi. Na ga Talatala a bayan jirgin ya cire hula daidai wurin.

Litia ta ce gobe za ta je ƙauyen bayan tudu ta ga yarinyar nan da Jolame ya ambata, don ba wanda ya je mata, kuma ba ta da ikon sa baƙin makoki tun da ba a kai kayan neman aure ba. Ta ce ko zan raka ta. Tudun na da tsayi, gwiwata kuma ba ta da kyau.

Na ce ta tashe ni da wuri.